Tsara labari da hotunan ratsi a gajeren fim kan sana'ar rini

Tambaya: Malam, ina so in yi gajeren fim na minti shida a kan kawuna da yake rini a marinar Ƙofar Mata da ke Kano. Na taɓa gwadawa, na yi hira da shi, na ɗauki hotuna da yawa, amma da na zo haɗawa sai na ga babu labari, kuma duk inda na yanke maganarsa sai hoton ya yi tsalle. Yaya zan tsara aikin kafin in koma?

Amsa: Ɗan'uwa, matsalolin nan biyu tushensu ɗaya ne, domin wanda bai san labarin da zai bayar ba, ba zai san hoton da zai buƙata a wajen tacewa ba, sai ya yi ta ɗaukar duk abin da ya burge idonsa. Saboda haka da labarin za mu fara, daga cikinsa ne hotunan za su fito.

Marinar Ƙofar Mata wuri ne mai jan mai kyamara ya ɓata hanya. Ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, ga rijiyoyin rini jere a ƙasa, ga yadudduka a shanye, ga baƙi masu zuwa kallo, kuma kusan duk wanda ya shiga da kyamara yakan so ya kwashe wannan duka a minti shida. Abin da ke fitowa shi ne tarin hotuna masu kyau waɗanda za a iya sauya musu jeri yadda aka ga dama ba tare da an rasa komai ba, kuma wannan ita ce alamar da nake gane fim ɗin da ba shi da labari. Shawarata ita ce ka bi ƙyalle guda ɗaya. Ka sayi farin yadi na auduga, ka sa fim ɗin ya fara da shi yana fari a hannun kawu, ya ƙare da shi yana shuɗi mai ƙyalli bayan an buge shi, an naɗe, an miƙa wa mai shi. Da zarar mai kallo ya ga farin ƙyallen a gefen baƙar rijiya, zai so ya ga yadda zai koma, kuma wannan son ganin ƙarshe shi ne zai riƙe shi. Tarihin wurin, da yadda kawu ya gaji sana'ar, da damuwarsa kan raguwar masu koyo, duk za su shigo ne a kan hanyar wannan ƙyallen, kowanne a inda aikin hannu ya buɗe masa ƙofa.

Kafin ka taɓa kyamara, ka ba da yini guda ka zauna kusa da shi kana kallo da littafi a hannu. Ka rubuta matakan aikin yadda suke bi da bi: ɗaurin zane da zare, wanda galibi mata ke yi a gida, motsa rijiya, tsomawar farko, ɗagawa don ƙyallen ya sha iska, maimaita tsomawa, ɗauraya, kwance ɗauri, shanya, sai kai wa masu bugu. A gefen kowane mataki ka rubuta abu biyu, wato ƙarfe nawa ake yin sa, kuma ana maimaita shi ko sau ɗaya yake faruwa. Wannan tambaya ta biyu ita ce za ta tsara maka ranar ɗauka. Ɗagawa da mayarwa kawu zai yi ta yi har na tsawon lokaci, don haka kana da damar ɗaukarsa daga nesa, ka matso, ka zagaya, ba tare da ka roƙe shi ya sake komai ba. Amma shigar farin ƙyalle cikin ruwan baba karon farko sau ɗaya take faruwa, haka ma kwance ɗauri, lokacin da zanen ke bayyana. Waɗannan biyu ka tanadar musu kyamara biyu in da hali, ko da ta biyun wayar aboki ce a kafe tana ɗaukar wurin gaba ɗaya, kai kuma kana kusa da hannun.

Hira ita ce ta biyu, kuma ina ba da shawarar a yi ta kafin a ɗauki aikin, ko da yake mutane da yawa suna barin ta sai ƙarshe. Dalilina shi ne maganar da kawu zai yi ita ce za ta gaya maka hotunan da kake nema. Ka zaunar da shi a inuwa, rijiyoyi suna bayansa da ɗan nisa, ka zauna dab da kyamara domin idonsa ya kasance a kanka, ka yi masa tambayoyin da ba a amsa su da e ko a'a. Maimakon ka ce masa sana'ar tana da wuya, ka ce ya ba ka labarin ranar da aka fara ba shi ƙyalle ya rina shi kaɗai, ko ya bayyana maka yadda yake gane rijiya ta nuna. Ka roƙe shi ya riƙa ba da amsa da cikakkiyar jimla, tun da za a cire muryarka, kuma idan ya gama magana ka yi shiru na daƙiƙa biyu ko uku kafin tambaya ta gaba. Mu Hausawa mun saba raka mai magana da "to" da "haka ne", musamman idan babba ne, amma a nan duk "to" ɗin da ka faɗa za ta hau kan muryarsa ta hana ka yankewa, don haka ka gaya masa tun farko cewa da kai za ka riƙa amsawa, kada ya ɗauka rashin ladabi ne.

Yanzu ga tsallen da ka gani. Idan mutum yana magana ka cire tsakiyar maganar ka haɗa farko da ƙarshe, muryar za ta iya tafiya daidai, amma kansa da kafaɗarsa sun riga sun sauya wuri, sai ido ya ga kamar an fizge shi. Maganin wannan shi ne hoton ratsi, wanda 'yan harkar fim ke kira kotawe: ana barin muryar tana tafiya, a ɗora wani hoto a kan gaɓar na 'yan daƙiƙu, sannan a dawo kan fuskar ko a wuce gaba. To amma rufe gaɓa shi ne mafi ƙanƙantar aikinsa. Yana kuma gajarta lokaci, domin aikin da ya ɗauki sa'o'i ba zai shiga fim ba sai an bar shi an kalli wani abu an dawo an tarar ya ci gaba. Sannan yana zama shaida ga abin da ake faɗa. Hoton ratsin da bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan biyu na ƙarshe ba, sai rufe gaɓa kawai, mai kallo yakan ji cewa ciko ne, ko da bai san sunan abin ba. Shi ya sa ba na son ganin tsuntsu a sama ko wucewar mota a tsakiyar maganar mai sana'a, alhali wurin cike yake da abubuwan da maganar take nufi.

Ga yadda ake fitar da su. Daren da ka yi hirar, ka saurare ta, ka rubuta jimlolin da za ka yi amfani da su, kowacce a layinta, ka bar fili a gefe. A ce kawu ya yi bayanin cewa ana haɗa ganyen baba da toka da kanwa a rijiya, a bar su makonni kafin ruwan ya kama, sannan ya yi tari, ya shiga wata magana, daga baya ya dawo ya ce shi da ido da hanci yake gane ta nuna. Kana son jimlar farko da ta ƙarshe, tsakiyar kuma za ta fita. A filin da ke gefe sai ka rubuta hotuna huɗu: busasshen baba a tafin hannu, toka da kanwa a mazubinsu, sanda tana motsa ruwa, da kumfar da ke saman rijiya daga kusa sosai. Uku na farko za su hau kan jimlar farko, kowanne a lokacin da aka ambaci sunansa ko jim kaɗan kafin haka. Kumfar ita za ta zauna a kan gaɓar, ta fara kamar daƙiƙa ɗaya kafin yankan, ta ci gaba daƙiƙa biyu bayansa, sannan ka dawo kan fuskarsa daidai inda yake cewa da ido yake ganewa, domin wannan magana ce ta gwaninta, kuma a fuskar mai ita ya kamata a ji ta. Haka za ka bi kowace jimla, kuma abin da ya taru a gefen takardar shi ne jerin da za ka shiga marina da shi washegari, kana soke kowanne idan ka ɗauka.

Yana da kyau ka san yawan abin da kake nema. Minti shida daƙiƙa 360 ne. Idan fuskar kawu yana magana ta ci kamar daƙiƙa 70 a duk fim ɗin, saura 290 da sai an cika su da aiki da ratsi. Idan kowace ɗauka za ta zauna kimanin daƙiƙa huɗu, kana buƙatar wajen 70 masu kyau, kuma tun da wasu za su girgiza, wasu su dushe, wasu su maimaita juna, ka yi niyyar dawowa da ninki biyu, wato kamar 140. Kowacce ka riƙe ta daƙiƙa goma cif ba tare da motsa kyamara ba, kana ƙirgawa a zuci, ko da daƙiƙa uku za ka ɗauka daga ciki, saboda farko da ƙarshe sukan lalace da taɓa maɓalli. Duka wannan bai kai minti 25 na hoto ba, amma zai ci maka yini, domin lokacin yana tafiya ne a sauya wuri da jiran aikin ya zo inda kake so.

Ga kowane mataki da ake maimaitawa ka ɗauki girma uku aƙalla: na nesa da ke nuna inda ake, na tsakiya da ke nuna mutum da aikinsa, da na kusa da ke nuna hannu ko fuska kaɗai. Idan za a haɗa ɗauka biyu na abu ɗaya, dole su bambanta sosai a girma ko a kusurwa, in ba haka ba tsallen nan zai dawo ko babu hira. Fuskar mai aiki yana kallon abin da yake yi ita ce ratsin da ya fi kowanne ceton mai tacewa, domin ba ta nuna matakin da aikin yake, don haka za a iya sa ta tsakanin kowace tsomawa biyu. Kuma ka zaɓi gefe ɗaya ka tsaya. Ka ƙaddara akwai layi daga kawu zuwa rijiyarsa. Idan ka fara da shi a hagun hoto rijiya a dama, ka ci gaba da zama a wannan ɓangaren, domin idan ka tsallaka zai koma dama yana fuskantar hagu, mai kallo ya ɗauka wani mutum ne ko wata rijiya.

Rini yana da wata matsala tasa da ba a samu a wasu sana'o'i, kuma a nan ne na fi son ka natsu. Launin ƙyallen agogo ne. Yana fita daga ruwan da ɗan kore-kore, iska ta taɓa shi ya juye shuɗi, kuma kowace tsomawa tana ƙara masa duhu. Wannan juyewar ita ce mafi kyawun abin da za ka ɗauka a wurin, don haka ka ba ta ɗauka guda doguwa daga kusa, ba yankewa, ka bar kyamara tana tafiya har launin ya gama sauyawa a idon mai kallo. Amma wannan agogon yana iya tona maka asiri. Idan ka ɗora ratsin hannu riƙe da ƙyalle mai duhu a tsakanin ɗauka biyu da ƙyallen yake da haske, ka mayar da lokaci baya, kuma kowa zai gani. Na taɓa yin wannan kuskure a wani aiki, na dawo da hotunan hannu masu kyau waɗanda kusan duka na ɗauke su a ƙarshen yini, ƙyallen ya riga ya yi duhu, sai ya zama ba su da amfani a rabin farko na fim ɗin, dole na koma na sake sayen yadi. Tun daga nan nake raba tsomawa kashi uku, farko da tsakiya da ƙarshe, ina ɗaukar cikakken jerin nesa da tsakiya da kusa a kowane kashi, kuma ina faɗin kashin da baki a farkon ɗauka domin in ji shi a wajen tacewa. Inuwa ma agogo ce, haka rigar da kawu ya sa da safar hannunsa in yana sawa, don haka idan aikin zai kai kwana biyu ka roƙe shi ya maimaita tufafin jiya.

Kyamara ma tana iya ɓata maka launin. Idan ka bar ta tana daidaita fari da kanta, da zarar shuɗi ya cika hoton za ta ɗauka kuskure ne ta ƙara masa ja-ja, sai ƙyalle ɗaya ya fito da launi daban-daban daga ɗauka zuwa ɗauka. Ka shiga WB, wato wurin daidaita fari a kyamara, ka kulle shi a kan hasken rana, ko ka daidaita shi da farar takarda a wurin da za ka yi aiki. Haka hasken hoto: farin yadi zai sa ta rage haske, baƙar rijiya ta sa ta ƙara, hoton ya riƙa numfashi a tsakiyar tsomawa. A waya, ka danna allon ka riƙe a kan hannun ko fuskar har ya kulle, a wasu wayoyi za ka ga an rubuta AE/AF LOCK. Ka ɗauka a firam 25, wato hoto 25 cikin daƙiƙa, wanda ya dace da wutar lantarkinmu mai bugun 50, domin idan ka shiga ɗakin da ke da ƙwan wuta kada hoton ya riƙa kyafta. Lokacin da ya fi shi ne safiya da bayan la'asar. Da tsakar rana hula tana jefa inuwa a kan ido, farin yadi ya ƙone, rijiya ta koma baƙin rami marar komai.

Akwai abin da kwana biyu ba za su ba ka ba, wato makonnin da rijiya take yi kafin ta nuna. Hanyar da ta dace ita ce ka nemi rijiyoyin da ke matakai daban-daban a wurin, wata sabon haɗi, wata tana aiki, wata ta mutu, ka ɗauki kowacce. Wannan halas ne muddin ba ka ce wa mai kallo rijiya ɗaya ce ka bi tun farko ba. Ka bar kawu ya yi bayanin matakan a matsayin yadda ake yi. Haka kuma roƙon mai aiki ya dakata ka sauya wuri, ko ya maimaita abin da dama yake yi, ba laifi ba ne. Abin da ba na yarda da shi shi ne a sa shi yin abin da ba ya yi, kamar a ce ya cire safar hannu don a ga shuɗin fata, ko a tara yara a bakin rijiyoyin da aka daina amfani da su don wurin ya yi kama da cike. Idan kawu ya yi maganar raguwar sana'ar, rijiyar da ta bushe ita ce ratsin wannan jimla, kuma ta fi duk wani bayani ƙarfi.

Sauti shi ne rabin da masu farawa ke mantawa. Ƙofar Mata tana tsakiyar birni, ƙarar motoci da adaidaita sahu ba ta yankewa, kuma idan ka yanke magana ƙarar bayan ma tana yankewa, sai kunne ya ji tsallen da ka ɓoye wa ido. Ka maƙala ƙaramin makirfo a rigarsa kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki, ka sa abin saurare a kunne duk tsawon hirar, idan aka yi oda a kan jimla mai muhimmanci ka ba shi haƙuri ya sake ta, idan aka fara kiran salla ku dakata. Bayan hirar kowa ya yi shiru ka ɗauki sautin wurin na minti ɗaya, wanda za ka shimfiɗa a ƙarƙashin gaɓoɓin ya haɗe su. Sannan ka ɗauki sautin aikin daga kusa, kowanne shi kaɗai: ɗigar ruwa daga ƙyalle, motsin sanda, da bugu. Bugun nan yana da kiɗa nasa, kuma idan ka shigo da sautinsa daƙiƙa biyu kafin hotonsa, yayin da ake kallon yadi a shanye, zai ja mai kallo zuwa mataki na gaba ba tare da ka sa wani kiɗa daga waje ba.

Izini kuma ka nema shi kafin ranar ɗauka. Kawu ya gabatar da kai ga shugabannin wurin da maƙwabtansa na aiki, tun da za su fito a hotunan nesa, ka kuma gaya musu inda za a nuna fim ɗin. Ɗaurin zane da ake yi a cikin gida yana buƙatar yardar matan da ta maigidan, kuma sau da yawa ya fi sauƙi ka ba wata 'yar'uwarka kyamarar ta shiga, ka nuna mata ta ɗauki hannu da zare kawai idan ba a son fuska ta fito.

A wajen tacewa, ka fara jera muryar kawu ita kaɗai daga farko zuwa ƙarshe, ka rufe ido ka saurara. Idan maganar ta tafi daidai da tafiyar ƙyallen, sai ka ɗora hotuna. Kada magana ta cika minti shidan. Minti uku da rabi zuwa huɗu sun isa, sauran ka bar aikin da sautinsa, musamman a tsomawar farko, da juyewar launi, da kwance ɗauri. Idan ka gama, ka kashe sautin gaba ɗaya ka nuna wa wanda bai taɓa shiga marina ba, ka ce ya faɗa maka matakan da ya gani bi da bi. Duk matakin da ya tsallake ko ya sauya masa wuri, ka duba jerinka, za ka tarar akwai ɗaukar da ta ɓace a nan, sai ka rubuta ta tare da ƙarfe nawa ake yin wannan aikin da kuma launin da ƙyallen ya kamata ya kasance, ka koma marina ka ɗauko ta.